Sanarwar kwas ɗin koyon kodin na matasa: abin da kuɗin rajista da ranar farawa ba sa faɗa

Da zarar makarantun sakandare sun kusa tafiya dogon hutu, wani irin hoto kan fara yawo a zaurukan WhatsApp da shafukan Facebook. Yara ne zaune gaban kwamfuta suna murmushi, a sama an rubuta “Coding Bootcamp” da manyan baƙaƙe, a ƙasa kuma an saka abu biyu da suka fi komai girma: kuɗin rajista da ranar da za a fara. Sau da yawa akan ƙara da cewa gurabe kaɗan ne suka rage.

Abin da ake tallatawa shi ne horo na ɗan gajeren lokaci, yawanci makonni huɗu zuwa takwas, inda ake koya wa ’yan shekara 13 zuwa 19 yadda ake rubuta umarnin da kwamfuta ke bi, wato kodin. Matashin da ya gani a wayarsa yakan tura wa mahaifinsa ko yayansa, daga nan sai a fara lissafi: kuɗin zai yiwu ko ba zai yiwu ba, ranar ta yi daidai ko ba ta yi ba.

Sai dai waɗannan lambobi biyu ba su ne ke nuna ko kwas ɗin ya cancanci kuɗinsa ba. Lambar da ta fi muhimmanci ba a cika rubuta ta a sanarwa ba, ita ce yawan awannin da ɗalibi zai yi hannunsa a kan kwamfuta yana rubutu da kansa. Ana iya fitar da ita daga sanarwar cikin minti biyu, kuma da ita ake auna sauran abubuwan.

Kuɗin kwas a raba shi da awanni

A ɗauki misali na sanarwa biyu da suka shigo waya a rana ɗaya. Alƙaluman na misali ne kawai, amma tsarin irin wanda aka saba gani ne.

Ta farko ta ce kuɗin kwas naira 45,000 ne, za a yi makonni shida, kwana uku a mako, awa biyu a kowace rana. Ta biyu ta ce naira 30,000, makonni huɗu, Asabar da Lahadi, awa biyu-biyu. A kallon farko ta biyu ce mai sauƙi, tunda akwai rangwamen naira 15,000.

Idan aka yi lissafi sai labari ya sauya. Kwas na farko zama 18 ne, wato awa 36, kowace awa ta tashi a naira 1,250. Na biyu zama takwas ne, awa 16, kowace awa ta tashi a naira 1,875. Wanda ya fi araha a hoto shi ne ya fi tsada a aji.

Lissafin bai ƙare a nan ba, domin ba duk awar da aka yi a aji ce ake yin ta a kan kwamfuta ba. Idan cibiyar tana da kwamfutoci goma kuma ta ɗauki ɗalibai ashirin, to mutum biyu ne a kan kowace, kuma awa 36 ta koma 18 ga kowane ɗalibi. A zahiri ma rabon ba ya zuwa daidai. Wanda ya fi saurin hannu ko ya fi baki shi ke riƙe allon rubutu, ɗayan ya koma ɗan kallo har a tashi. Kodin kuwa kamar koyon keke ne, mai kallo ba ya iyawa.

Don haka tambayar farko da ya kamata a tura wa lambar da ke kan sanarwa ita ce: ɗalibai nawa za a ɗauka a aji, kuma kwamfutoci nawa ne ke aiki? Kalmar “ke aiki” tana da muhimmanci, saboda kwamfutar da ta fito a hoto ba lallai ba ne tana kunnuwa. Tambaya ta biyu ita ce wuta. Cibiyar da ta dogara da wutar Nefa kaɗai, babu sola babu janareta, za ta riƙa mayar da darasin kwamfuta darasin allo da alli duk lokacin da aka ɗauke.

Kuɗin da ba a rubuta ba

Kuɗin da ke kan sanarwa ba shi ne duk abin da zai fita daga aljihun gida ba. Akwai kuɗin mota. Idan zuwa da dawowa a adaidaita sahu zai ci naira 600, zama 18 ya kama naira 10,800. Akwai kuɗin data na aikin gida. Wasu wuraren kuma suna karɓar kuɗin fom daban, na satifiket daban, har da na riga, kuma ba a jin labarinsu sai bayan an biya na farko.

Babban cikinsu shi ne kwamfuta. Idan sanarwa ta ce kowa ya zo da laftof ɗinsa, to ga gidan da ba shi da ita, kuɗin na’urar zai iya ninka kuɗin kwas sau da yawa. Abin da zai rage fargaba shi ne darussan farko ba sa buƙatar na’ura mai tsada. Tsohuwar laftof mai RAM na 4GB tana ɗaukar manhajar Thonny, wadda aka yi musamman don masu fara koyon Python, kuma tana iya buɗe burauza don gwada shafin intanet. Abin da za a fi dubawa wajen sayen ta hannu, ko a Beirut Road a Kano ko a wata kasuwa, shi ne batiri da maɓallan rubutu. Maɓallin baka ko na ayar ruwa biyu idan ya mutu, mai hira ba zai damu ba, amma mai kodin ba zai iya rubuta layi uku ba tare da ya buƙace su ba.

Ranar farawa da ranar gamawa

Sanarwa kan bayyana ranar farawa, amma ba kasafai take faɗin ranar gamawa ba, alhali ita ce ke kawo matsala. Dogon hutu a yawancin jihohin Najeriya yana farawa ne a wajajen ƙarshen Yuli, a koma makaranta a watan Satumba. Kwas na makonni shida da ya fara a Litinin ta farko ta Agusta zai kai wajen tsakiyar Satumba. Idan makarantar ɗalibi ta koma kafin nan, musamman ta kwana, makon ƙarshe ko biyun ƙarshe sun tafi. A waɗannan makonnin ne kuwa ake haɗa aikin kammalawa, wanda shi ne abin da ɗalibi zai nuna ya ce ga abin da ya koya.

Hanyar dubawa ba ta da wuya. A buɗe kalandar waya, a ƙirga makonnin daga ranar farawa, a ajiye ranar da ta fito kusa da ranar komawa makaranta. Ga ’yan aji shida kuma akwai jarrabawar NECO, wadda kan kai ƙarshen Yuli, wani lokaci har ta shiga Agusta. Wanda bai gama rubutawa ba zai rasa makon farko.

Rasa makon farko ya fi yadda ake zato illa. A makon ne ake saka manhajoji a kwamfuta, ake koyon yadda ake ajiye fayil da gudanar da shi, kuma ake bayanin ma’ajiyar bayanai da nau’o’insu. Duk abin da zai biyo baya a kan waɗannan yake zaune. Ɗalibin da ya shigo a mako na biyu yakan koma kwafar abin da ke allo ba tare da ya san dalilin kowane layi ba. Sanarwar da ta ce ana iya shiga a kowane lokaci tana nuna ɗaya daga cikin biyu: ko dai akwai tsari na musamman ga masu zuwa a makare, ko kuma darussan ba su da jeri. Yana da kyau a tambaya wanne ne.

Sai kuma lokacin zama. Da yawa daga cikin matasa suna zuwa Islamiyya da yamma, wasu kuma da safiyar Asabar da Lahadi. Kwas ɗin da ya ci karo da wannan lokaci yakan ƙare da fashi a ɗaya daga cikin biyun. Agusta kuma tsakiyar damina ce, don haka ba laifi a ji ko ana rama darasin da ruwan sama ya hana.

Me awa 36 za ta iya koyarwa?

Akwai sanarwar da ke jero abubuwa kamar kayan miya: Scratch, Python, HTML, CSS, JavaScript, haɗa manhajar waya, tsaron intanet, zanen hoto, duk a cikin makonni shida. Idan aka raba awa 36 a kan abubuwa takwas, kowanne ya samu awa huɗu da rabi. Wannan ya isa a ga yadda abu yake, amma bai isa a iya shi ba. Gajeren jeri a sanarwa yawanci alama ce mai kyau.

Hanyoyi uku ne suka fi dacewa da masu farawa, kuma kowace da wanda ta dace da shi. Scratch, wadda cibiyar MIT Media Lab ta Amurka ta fitar a 2007, ana haɗa umarni ne a cikinta ta hanyar jawo tubala masu launi, ba a rubutawa. An tsara ta ne musamman don ’yan shekara 8 zuwa 16. Tana da kyau ga ɗan aji ɗaya na sakandare, amma ɗan shekara 17 da ya biya kuɗi ya shafe makonni shida a kanta kaɗai bai samu abin da ya kamata ba.

Hanya ta biyu ita ce HTML da CSS, waɗanda da su ake gina shafin intanet. HTML ke tsara abin da ke cikin shafi, CSS ke ba shi launi da fasali. Daɗinsu shi ne ana ganin sakamako nan take. A awa 36 ɗalibi zai iya haɗa shafi mai ɓangarori uku ko huɗu, misali na shagon ɗinkin yayarsa, da hotuna da farashi, wanda zai buɗu da kyau a waya.

Ta uku ita ce Python, yaren da Guido van Rossum ya fitar a 1991, wanda ake yawan farawa da shi saboda rubutunsa ba shi da tarkace. A makonni shida abin da ake sa ran ɗalibi ya riƙe shi ne ajiye bayani, sharaɗi, maimaitawa, jeri, da rubuta ƙaramin aiki da za a iya kira sau da yawa. Ga yadda lissafin da aka yi a sama zai kasance a Python, wanda darasi ne na makon farko:

```python
kudi = 45000
mota = 600 * 18
awanni = 6 * 3 * 2
print((kudi + mota) / awanni)
```

Layi na farko ya ajiye kuɗin kwas, na biyu kuɗin mota na zama 18, na uku ya ninka makonni da kwanaki da awanni. Na ƙarshe ya haɗa kuɗaɗen ya raba, sai allo ya nuna `1550.0`. Wato da kuɗin mota, awar da aka ɗauka naira 1,250 ce ta koma 1,550.

Abin da awa 36 ba za ta yi ba shi ne mayar da mutum ƙwararren da kamfani zai ɗauka aiki. Sanarwar da ta yi alƙawarin aiki ko samun daloli da zarar an gama tana sayar da abin da ba ta da shi.

Yadda ake gane malami

Malamin kodin ba a gane shi lokacin da komai ke tafiya daidai, sai lokacin da jan rubutu ya fito a allo. Akwai kuskuren da kusan kowane mai fara Python yake yi:

```python
shekaru = input("Shekarunka nawa? ")
print(shekaru + 1)
```

Ɗalibi ya rubuta 15 yana jiran ya ga 16, sai kwamfuta ta ba shi wannan:

```
TypeError: can only concatenate str (not "int") to str
```

Dalilin shi ne duk abin da `input` ya karɓo, a matsayin rubutu yake ɗaukarsa, ko da lamba aka buga. Python kuwa ba ta haɗa rubutu da lamba. Gyaran shi ne a mayar da rubutun lamba tukuna, a rubuta `int(shekaru) + 1`.

Malamai biyu za su iya zuwa kan wannan ɗalibi. Na farko zai janyo kwamfutar, ya gyara cikin daƙiƙa biyar, ya wuce. Na biyu zai sa ɗalibin ya karanta saƙon, ya nuna masa lambar layin da matsalar take, ya tambaye shi mene ne `str` kuma mene ne `int`, ya bar shi ya gyara da hannunsa. Ɗalibin na farko zai sake kiran malami gobe. Na biyu ya koyi abin da zai yi amfani da shi a gida, inda babu wanda zai kira.

Wannan ne ya sa yawan ɗalibai a aji ke da tasiri. Bayani irin na malami na biyu yana cin minti uku zuwa biyar. Idan mutum arba’in ne a gaban malami ɗaya kuma rabinsu suka maƙale a lokaci guda, ba zai zagaye su ba kafin a tashi. Hanya mafi sauƙi ta ganin wannan ita ce a nemi izinin zama a darasi ɗaya, ko a nemi ganin ayyukan ɗaliban da suka gabata. Ba hotonsu riƙe da satifiket ba, ainihin shafin da suka gina ko shirin da suka rubuta. Idan ayyukan mutum goma duk iri ɗaya ne, suna kawai aka sauya, to kwafa aka yi.

Gwaji a waya kafin a biya

Matashin da ke da wayar Android yana iya gwada kansa kafin a taɓa kuɗin gida. Manhajar Pydroid 3 tana gudanar da Python a waya, kuma da zarar an sauke ta, ƙananan shirye-shirye irin na sama ba sa buƙatar data. Acode kuma tana ba da damar rubuta HTML da CSS a ga yadda shafin zai fito. Shafin freeCodeCamp, wanda aka kafa a 2014, yana da darussa kyauta daga tushe, sai dai da Turanci suke.

Gwajin mako ɗaya ya isa. A rubuta layukan nan huɗu, a sauya lambobin da na sanarwar da ke hannu, a jawo kuskuren `TypeError` da gangan, a gyara shi. Wanda ya ji daɗi lokacin da jan rubutun ya ɓace, har ya so ya gwada wani abu, kwas zai amfane shi. Wanda ya ga abin ya gundure shi a kwana biyu ya ceci kuɗin mahaifinsa, kuma babu abin kunya a ciki.

Waya tana da iyakarta. Allon ƙarami ne, alamomin kodin suna ɓoye a shafi na biyu ko na uku na maɓallan, kuma gyaran rubutu na kai-tsaye yakan mayar da `print` zuwa `Print`, wanda Python ba ta san shi ba. Shiri ya wuce layi talatin ko arba’in sai wahala ta fara. Wannan giɓin, tare da malamin da zai duba kuskure, shi ne ainihin abin da kuɗin kwas ke saye.

Ranar biyan kuɗi

Sanarwar da ke yawo a waya kowa na iya haɗa ta, har da wanda ba shi da aji ko kwamfuta ko ɗaya. Matakin da ya fi kowane kariya shi ne babba daga gida ya taka zuwa adireshin kafin a tura ko sisi, ya ga ɗakin, ya ƙirga kwamfutocin, ya gana da mai koyarwa. Sanarwar da ba ta da adireshi, sai lambar waya da lambar asusu, ba a biya ta.

Wajen tura kuɗi, manhajar banki tana nuna sunan mai asusu kafin a tabbatar. Idan sunan ya bambanta da na cibiyar, a tsaya a tambaya. Ƙananan cibiyoyi da dama suna amfani da asusun mai wurin, wannan kaɗai ba shaidar damfara ba ce, amma dalili ne na karɓar rasit mai ɗauke da sunan ɗalibi, adadin kuɗi, ranar farawa da ranar gamawa. Ana kuma iya bincika sunan cibiya a shafin hukumar rajistar kamfanoni ta CAC. Rajistar tana nuna cewa sunan yana nan a hukumance, ba ta nuna ingancin koyarwa.

Akwai tambayar da aka fi mantawa da ita: idan aka ɗage ranar farawa fa? Wasu masu shirya kwas ba sa farawa sai ɗalibai sun kai adadin da zai biya kuɗin haya da na malami. Idan ba su kai ba, sai a ɗaga da mako ɗaya, a sake ɗagawa, har hutu ya ci rabi. A nemi amsa a rubuce, ko da saƙon WhatsApp ne, kan ko za a mayar da kuɗi idan hakan ta faru. Inda aka yarda da biya kashi biyu, rabi a farko rabi bayan mako biyu, wannan ya fi kwanciyar hankali.

Fom ɗin rajista ma abin dubawa ne. Dokar kare bayanan jama’a ta Najeriya ta 2023 ta tanadi cewa sai da amincewar iyaye ko mai kula kafin a sarrafa bayanan yaro. Suna, shekaru, aji da lambar wayar iyaye sun wadatar ga kwas na makonni shida. Babu dalilin neman BVN ko lambobin katin banki. Idan kuma za a buɗe wa ɗalibai asusu a GitHub, inda ake ajiye ayyukan kodin, ƙa’idar shafin ita ce mai asusu ya kai shekara 13.

Satifiket ɗin da za a bayar a ƙarshe shaidar halarta ce, ba ta maye gurbin sakamakon WAEC ko difloma ba. Abin da ya fi ta amfani shi ne aikin da ɗalibi zai fita da shi. Shafin da aka gina da HTML da CSS ana iya ɗora shi kyauta a GitHub Pages, ya samu adireshin da kowa zai buɗe a wayarsa. Saboda haka kafin a cike fom, a tambayi mai shirya kwas abin da kowane ɗalibi zai gina da hannunsa kafin ranar gamawa, da kuma inda za a je a ga na waɗanda suka gama a bara.